Yanayin Yau Daban, Yanayin Ƙasa Daban: Yadda Ake Rarrabe Su Da Yadda Ake Amsa Tambaya A Kansu

A shekarar 1984 ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi. Gero ya ƙone a gona tun bai fitar da kai ba, rijiyoyi suka ja baya, makiyaya suka yi asarar dabbobi masu yawa. Shekara huɗu bayan haka, a watan Agustan 1988, sama ta buɗe a kan Kano ɗin nan, aka yi ta sheƙa ruwa har madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje suka rushe, gonaki suka nutse. Ƙasa ɗaya ce, mutanen ma su ne dai. To idan baƙo ya tambaye ka yaya ruwan Kano yake, wace shekara za ka nuna masa? Ka nuna 1984 ka ce Kano ƙasar fari ce, ka yi kuskure. Ka nuna 1988 ka ce ƙasar ambaliya ce, nan ma ka yi kuskure. Amsar gaskiya ba ta cikin shekara ɗaya, balle wata ɗaya ko kwana ɗaya. Sai an tara shekaru masu yawa an duba su tare.

Wannan shi ne tushen bambancin da ake koya wa yara a darasin labarin ƙasa da na kimiyya da na aikin gona, kuma shi ne tambayar da ke yawan fitowa a jarrabawa. A nan zan kira na farkon yanayin ɗan lokaci, na biyun kuma zaunannen yanayi.

Yanayin ɗan lokaci shi ne halin da sararin samaniya yake ciki a wani wuri, a cikin gajeren lokaci: sa'a ɗaya, wuni ɗaya, ko 'yan kwanaki. Hadarin da ya haɗu a gabas da la'asar, iskar da ta taso ta ɗebe kwanon rufi, hazon da ya rufe gari har jirgi ya kasa sauka, zafin da ya hana mutane barci a ɗaki daren jiya, duk wannan ne. Yana saurin canzawa, kuma ba ya game ko'ina. Kowa ya san ana iya yin ruwa a Fagge alhali Gwale ko ɗigo ba a samu ba.

Zaunannen yanayi kuwa shi ne abin da aka saba gani a wani yanki idan aka tattara bayanan yanayin kowace rana na shekaru masu yawa, aka fitar da matsakaicinsu. Ba a ganin sa ta taga. Lissafo shi ake yi daga rubutattun bayanai. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wadda ke da hedikwata a Janeba, ta tsayar da shekara 30 a matsayin ma'auni, kuma zangon da ake aiki da shi yanzu shi ne daga 1991 zuwa 2020. Kafin shi an daɗe ana kafa hujja da zangon 1961 zuwa 1990. Wasu littattafan makaranta a Najeriya suna rubuta shekara 35, wasu su ce 30 zuwa 35. Ɗalibin da ya rubuta "aƙalla shekara 30" ya tsaya a kan turba.

Me ya sa sai 30? Dubi Sahel. Shekarun 1950 shekaru ne na wadatar ruwa. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja baya, aka yi babban fari a 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani a 1983 zuwa 1985. Wanda ya ɗauki shekara biyar daga tsakiyar 1950 zai ce ƙasar tana da ruwa sosai, wanda ya ɗauki biyar daga farkon 1980 zai ce hamada ce ke shigowa. Shekara 30 tana da tsawon da za ta haɗiye shekarun fari da na ambaliya tare, kuma ba ta yi tsawon da za ta ɓoye sauyi na gaske idan ya faru ba. Ɗan kasuwa ma ba ya auna ƙarfin shagonsa da cinikin jajibirin salla, ba ya kuma auna shi da na ranar da aka wuni ana ruwa. Littafin cinikinsa na shekaru yake buɗewa.

Yadda bayanan rana suke zama na shekaru

Abubuwan da ake aunawa iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu: zafi, ruwan sama, laimar iska, nauyin iska, ƙarfin iska da inda take fitowa, hasken rana, da gajimare. A tashar auna yanayi, irin waɗanda hukumar NiMet take da su a filayen jiragen sama, za ka ga wani farin akwatin katako a kan ƙafafu, ya ɗaga daga ƙasa fiye da mita ɗaya, jikinsa da tsage-tsage don iska ta riƙa ratsawa. A cikinsa ake ajiye ma'aunin zafi. An shafa masa farin fenti don kada ya zuƙi zafin rana, an ɗaga shi don kada hucin ƙasa ya shafi awo. Abin da ake so shi ne zafin iskar kanta a inuwa. Wannan ne ya sa wani lokaci za ka ji an ce zafin Sakkwato digiri 42 ne, amma wanda ke tsaye a kan kwalta da tsakar rana ya ji abin ya fi haka. Can gefe, a fili nesa da bishiya da gini, akwai ma'aunin ruwan sama: mazurari ne a bakin wani bututu, ana karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya. Idan aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ruwan milimita 40 a dare ɗaya ke nan jarka biyu masu cin lita ashirin-ashirin a kan wannan ɗan fili.

Ga yadda lissafin yake tafiya. A ce a wata rana cikin bazara zafi mafi yawa ya kai digiri 39, mafi ƙaranci kuma, wanda ake samu wajen asuba, digiri 25. Ka haɗa su ka raba biyu, matsakaicin zafin ranar digiri 32 ke nan. Ka cire ƙaramin daga babban, tazarar zafin ranar digiri 14. Duk wannan har yanzu yanayin ɗan lokaci ne, domin rana ɗaya muke magana a kai. Idan aka tara matsakaicin dukan kwanakin Afrilu aka raba da 30, an sami na watan Afrilun wannan shekara. Har yanzu ba a kai ba. Sai an ɗauko Afrilu talatin a jere an fitar da matsakaicinsu, sannan a ce ga zafin da aka saba yi a wannan gari a watan Afrilu. A nan ne aka shiga zaunannen yanayi.

Akwai wani abu game da matsakaici da ake yawan tsallakewa a aji, kuma a ganina ya fi komai amfani ga mai karatu. Bari mu ɗauki shekara biyar kawai don sauƙin lissafi. A ce wani gari ya sami ruwa milimita 620, da 910, da 780, da 1,060, da 880. Jimilla 4,250, a raba biyar, 850. Duba da kyau: babu shekara ko ɗaya da aka yi ruwa milimita 850 daidai. Matsakaici lamba ce da aka lissafo, ba alkawari ba ne. Tsakanin shekarar da ta fi ƙarancin ruwa da wadda ta fi yawa akwai tazarar milimita 440, kuma wannan hawa da sauka shi ma wani ɓangare ne na zaunannen yanayin garin. Saboda haka farin 1984 da ambaliyar 1988 duk suna cikin yanayin ƙasar Kano. Ƙasa ce da ruwanta ke zuwa cikin 'yan watanni, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma yawansa na bambanta sosai daga shekara zuwa shekara. Wanda zai gina madatsar ruwa ko magudana dole ya san shekarun da suka wuce iyaka, ba matsakaici kaɗai ba.

Abin da ke tsara zaunannen yanayin ƙasar Hausa iska biyu ne. Ɗaya tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya, ɗauke da ƙura. Yawancin ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ɗayar tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika, ɗauke da laima. Inda suke haɗuwa yana tafiya arewa daga farkon shekara, ya kai ƙarshen tafiyarsa wajen Agusta, sannan ya juyo kudu. Wannan kai da kawo shi ke ba mu bazara da damina da kaka da hunturu. Shi ya sa Fatakwal, da ke kusa da teku, take samun ruwa fiye da milimita 2,000 a shekara, Yamai take samun wajen 500 zuwa 600, Agadas kuma ba ta kai 200 ba. Tsayin ƙasa ma yana da tasiri: iska tana raguwar zafi kimanin digiri shida da rabi a duk hawan mita 1,000. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kano ba ta kai mita 500 ba, shi ya sa Jos ta fi sanyi. Idan an ce yau an yi sanyi a Kano, maganar rana ce. Idan an ce Jos gari ne mai sanyi, maganar shekaru ce.

Manomi yana aiki da duka biyun ko da bai taɓa shiga aji ba. Zaɓen da ya yi na shuka gero mai saurin nuna a Daura, maimakon doya irin ta Binuwai, hukunci ne da ya dogara da zaunannen yanayi, abin da ya gada daga sanin iyaye da kakanni. Shawarar da ya yanke yau da safe cewa kada a shanya hatsi saboda gabas ta yi baƙi, wannan ta yanayin ɗan lokaci ce. Inda ake shiga uku shi ne idan aka ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan. Ruwa ya sauka da ƙarfi sau ɗaya a farkon Mayu, mutum ya ce damina ta kama, ya zuba irinsa duka, sai sama ta ɗauke mako uku, shuka ta ƙone. Ruwan ranar gaskiya ne, amma bai canza lokacin da damina ta saba zama a wannan yanki ba.

Haka kuma hasashe iri biyu ne. Wanda ake karantawa a rediyo cewa gobe za a yi ruwa a wurare kaza, yana da ƙarfi na 'yan kwanaki, kuma bayan kamar mako biyu ba a iya faɗin yadda wata rana takamaimai za ta kasance. Wanda NiMet ke fitarwa a farkon shekara, ko wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke taimakawa a shirya wa ƙasashen Sahel, ba ya cewa za a yi ruwa ranar kaza. Cewa yake yi daminar bana ana sa ran za ta zo da wuri ko a makare, ruwanta zai fi ko zai gaza abin da aka saba. Wannan "abin da aka saba" shi ne matsakaicin shekara 30 ɗin nan.

A ɗakin jarrabawa

Tambayar takan zo a gajarce, a jarrabawar makaranta ko ta WAEC ko NECO: a ba da ma'anar yanayin ɗan lokaci, a ba da ma'anar zaunannen yanayi, ko a kawo bambanci biyu ko uku tsakaninsu. Makin ba shi da yawa, kuma mai duba takarda ba tsawon rubutu yake aunawa ba. Wasu ginshiƙai yake nema a cikin jimlar, in ya gan su ya ba da maki, in bai gan su ba ya wuce. Ko da wane harshe aka rubuta amsar, Ingilishi ko Faransanci ko Hausa, ginshiƙan ba sa canzawa.

Ma'anar yanayin ɗan lokaci tana tsayawa a kan abu uku: mene ne, a ina, tsawon wane lokaci. Mene ne? Halin da sararin samaniya yake ciki. A ina? A wani wuri takamaimai. Tsawon wane lokaci? Gajere. Sai a ɗinke su a jimla ɗaya: "Yanayin ɗan lokaci shi ne halin da sararin samaniya yake ciki a wani wuri cikin gajeren lokaci, kamar sa'o'i ko kwanaki." Ta zaunannen yanayi tana da waɗannan ukun, da ƙarin na huɗu, wato matsakaici: "Zaunannen yanayi shi ne matsakaicin halin sararin samaniya na wani yanki a tsawon lokaci, aƙalla shekara 30."

Yanzu mu duba amsoshin da yara suka saba rubutawa. Wani zai rubuta: "Yanayin ɗan lokaci shi ne ruwa da rana da iska da sanyi." Bai yi ƙarya ba, amma misalai ya jera, bai ba da ma'ana ba. Babu wuri, babu lokaci, kuma wannan jerin zai dace da zaunannen yanayi ma. Wata za ta rubuta: "Zaunannen yanayi shi ne yanayin wuri na dogon lokaci." Ta kusa ƙwarai. Abu biyu suka rage mata: ba ta ce matsakaici ba, kuma "dogon lokaci" bai faɗi komai ba, domin wata uku ma dogon lokaci ne a wurin wani. Da ta ƙara kalmar matsakaici da adadin shekaru, da ta kwashe makin duka. Wani kuma zai rubuta: "Zaunannen yanayi shi ne yanayin shekara ɗaya." Wannan kuskure ne kai tsaye, kuma ya fi yawa fiye da yadda malamai suke zato. Yaro yana ganin damina da rani sun zagayo cikin shekara, sai ya ɗauka shekara ɗaya ta isa. Shekarar 1984 ita ma shekara ɗaya ce. Akwai kuma mai cewa zaunannen yanayi "ba ya canzawa". A guji wannan. Yana canzawa, amma a hankali, cikin gomman shekaru, shi ya sa ma ake sabunta zangon shekara talatin ɗin. Abin da ya dace a rubuta shi ne yana canzawa sannu a hankali.

Tambayar bambanci ita ce ta fi cin yara maki, ba don ba su sani ba, sai don yadda suke jera amsar. Idan an ce a kawo bambanci, kowane bambanci dole ya taɓa ɓangarorin biyu, kuma a kan ma'auni ɗaya. Wanda ya rubuta "yanayin ɗan lokaci yana saurin canzawa" ya tsaya, rabin magana ya yi. Wanda ya rubuta "yanayin ɗan lokaci yana saurin canzawa, zaunannen yanayi kuma ya shafi yanki mai faɗi" ya haɗa abu biyu da ba su fuskanci juna ba: ɗaya maganar saurin canji, ɗaya maganar faɗin wuri. Ga yadda ya kamata, idan an nemi uku. Na ɗaya, yanayin ɗan lokaci na sa'o'i ne ko kwanaki, alhali zaunannen yanayi na shekara 30 ne ko fiye. Na biyu, yanayin ɗan lokaci yana canzawa cikin sauri, alhali zaunannen yanayi yana canzawa a hankali. Na uku, yanayin ɗan lokaci yakan shafi ƙaramin wuri, alhali zaunannen yanayi yakan shafi yanki mai faɗi. Kalmar "alhali" ko "amma" ita ce ke riƙe da kowace jimla; in babu ita, a sake dubawa, wataƙila ɓangare ɗaya ya faɗi. Idan an ba da dama a zana jadawali mai gida biyu, ya fi sauƙi, muddin kowane layi yana magana a kan abu guda. Wanda yake son na huɗu zai iya cewa na farkon auna shi ake yi kai tsaye kowace rana, na biyun kuma lissafo shi ake yi daga bayanan da aka tara.

A kula da kalmar umarni da ke farkon tambaya. Idan an ce a ba da ma'ana, jimla ɗaya cikakkiya ta wadatar, sai misali ɗaya in akwai wuri. Idan an ce a lissafa abubuwan da ake aunawa, sunaye kawai ake so: zafi, ruwan sama, laima, iska. Idan an ce a yi bayani, to nan ne ake buƙatar dalili da misali. Kuma idan an ce uku, a kawo uku masu ƙarfi. Ɗalibin da ya cika rabin shafi a kan tambaya mai maki biyu ya ci lokacin tambaya mai maki goma. Wani kuskuren da ya kamata malamai su riƙa gyarawa tun a aji shi ne haɗa abubuwan da ake aunawa da abubuwan da ke tsara yanayi. Zafi da ruwan sama ana auna su ne. Tsayin ƙasa, nisa daga teku, nisa daga tsakiyar duniya, da irin iskar da ke busowa, su ne ke sa zafin da ruwan su kasance yadda suke. Tambaya biyu ce daban, kuma amsar ɗaya ba ta cin makin ɗayar.

Wani lokaci ba ma'ana za a nema ba, jimloli za a kawo a ce a faɗi wanne ne wanne. A nan dabarar ita ce a nemi kalmar lokaci a cikin jimlar. "An yi ruwa mai ƙarfi a Zariya daren jiya": daren jiya, yanayin ɗan lokaci. "Agusta ne watan da aka fi ruwa a Zariya": babu ranar da aka ambata, al'adar shekaru ce, zaunannen yanayi. "Za a yi hazo a Katsina gobe": ɗan lokaci. "Ana yin hunturu a Katsina daga Nuwamba zuwa Fabrairu": zaunanne. Kalmomi irin su yau, jiya, gobe, ɗazu, wannan mako, suna nuna na farko. Irin su kullum, yawanci, an saba, kowace shekara, suna nuna na biyu.

Mai ɗan wuya ita ce irin wannan: "An yi ambaliya a Maiduguri a watan Satumban 2024." Girman abin yakan ja ɗalibi ya ce zaunannen yanayi, ko ma ya rubuta sauyin yanayi, domin abin ya girgiza kowa. Amma girma ba shi ne ma'auni ba. Ruwan da ya sauka a waɗancan makonni har madatsar Alau ta ɓalle abu ne da ya faru a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, don haka yana ɓangaren yanayin ɗan lokaci. Kafin a ce zaunannen yanayin Barno ya sauya, sai an ɗauko bayanan ruwan shekara talatin na baya, an ajiye su kusa da na talatin ɗin da suka gabace su, an ga ko irin wannan ruwa mai ƙarfi ya ƙaru da gaske, da kuma nawa ya ƙaru.